Gizo da Hankaki: Taƙaitaccen Bayani ga Iyayen 'Yan Aji Biyu

Assalamu alaikum, iyayen yara.

Tatsuniyar da 'yan aji biyu suka saurara a wannan mako ita ce ta Gizo da hankaki. Ga yadda take a taƙaice, domin idan yaro ya dawo yana ba ku ita a guntule, ku san inda ya tsallake, ku kuma san abin da ya kamata ya ɗauka daga cikinta. Tsohuwar tatsuniya ce, kusan kowace kaka da yadda take ba da ita, don haka kada ku yi mamaki in ta ɗan saɓa da wadda kuka ji kuna ƙanana.

An yi wata shekara ta yunwa. Hankaki suka gano wata bishiyar ɓaure a tsakiyar kogi, inda babu mai iya zuwa sai mai fiffike. Kullum da asuba su tashi su je, su ci su ƙoshi, su yo guzuri. Wata rana Gizo ya shiga gidansu ɗiban wuta, suka ba shi wutar, suka haɗa masa da ɓaure. Da ya ji zaƙi, yana fita sai ya kashe garwashin ya dawo wai wuta ta mutu. Sau uku yana haka. Hankaki suka gane ba wuta ke kawo shi ba, suka ce ya zo da asuba a tafi da shi. Gizo bai iya jira ba: tsakar dare ya bugi zakara ya yi cara, ya je ya tashe su wai gari ya waye, suka kore shi ya koma.

Da asuba ta yi, kowane hankaka ya cire gashi ɗaya daga jikinsa, aka liƙa wa Gizo, ya tashi sama tare da su. Ana sauka a kan bishiya halinsa ya fito. Duk ɓauren da hankaka ya kai wa baki sai Gizo ya daka tsawa: "Nawa ne, ni na faya gani!" Ya tsinke ya jefa a jaka. Haka ya hana masu bishiyar ci har suka gaji, kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi shi kaɗai, ruwa gaba ruwa baya.

Gizo ya faɗa ruwa, ya nutse har gidan kada. Nan ya fashe da kuka, wai shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun yana yaro. Kadoji suka yarda, suka sauke shi a ɗakin da suke ajiye ƙwai. A yadda muka ba yara, ƙwan goma ne. Cikin dare ya riƙa gasawa yana ci. In ƙwai ya fashe a wuta, 'ya'yan kada su ce baƙo ya yi tusa, manya su kwaɓe su kada su kunyata baƙo. Kafin safiya saura ƙwai ɗaya. Da aka zo ƙirga, Gizo ya ce shi zai riƙa fitowa da su. Ya fito da ɗayan nan a sa masa alama, ya koma ɗaki ya lashe alamar, ya sake fitowa da shi, har aka ƙirga goma. Aka sa shi a kwalekwale za a haye da shi. Suna tsakiyar ruwa aka gano ɓarnar, aka riƙa ƙwala kira a dawo da baƙo. Mai tuƙin ba ya ji sosai, sai Gizo ya ce masa cewa suke ya yi sauri. Suna isa gaɓa ya yi tsalle ya shige daji.

Darasin da yara suka fi saurin kamawa shi ne na bishiya: kwaɗayi mabuɗin wahala. Ɓaure ya ishi kowa, Gizo ya so duka, ya rasa fiffiken da zai koma gida. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Inda ake buƙatar ku shi ne rabi na biyu, domin Gizo ya tsira. Babu wanda ya kama shi, babu wanda ya hukunta shi. Yaro ɗan shekara 7 ko 8, in aka bar shi da dariyar ƙirgar ƙwai kawai, abin da zai tafi da shi shi ne mai wayo ya ci riba. Dalili kuwa, duk labarin ta idon Gizo ake kallonsa, shi ne mai ban dariya, kadoji kuma ba a ba su ko suna ba. Don haka sai an juya yaron ya tsaya a wurin waɗanda aka cuta. Hankaki sun ba Gizo abinci a lokacin yunwa, sun ba shi gashin jikinsu. Kadoji sun ba shi masauki, sun amince masa da abin da suka fi so a duniya. Duka biyun alheri suka yi, ya saka musu da cin amana. A ganinmu wannan ne zuciyar tatsuniyar, ya fi maganar kwaɗayi nauyi. Akwai kuma wani ɗan wuri da ake yawan wucewa: 'ya'yan kada sun ji abin da ke faruwa, manya suka hana su magana saboda kunyar baƙo. Girmama baƙo tarbiyya ce mai kyau, amma ku gaya wa yaro ƙarara cewa in ya ga wani babba, baƙo ko na gida, yana abin da bai gane ba, ya faɗa muku, kuma za ku saurare shi.

Ba da tatsuniyar ba ya wuce minti 10. Bayan sallar isha ya fi, ku buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", ku jira ya amsa "Ta zo mu ji ta". Ku dakata a wuri biyu. Na farko, daidai lokacin da hankaki suka zare gashinsu: ku tambaye shi, da shi ne hankaka, me zai yi? Na biyu, bayan Gizo ya haye: in aka sake yunwa baɗi, wa zai ara wa Gizo gashi, wa zai ba shi masauki? Ku bari ya yi tunani, kada ku amsa masa. In ya ce "babu kowa", ya gane.

Ƙirgar ƙwai tana rikita wasu. Ku ɗauki tsakuwa ɗaya da kwano, ku riƙa ɓoye ta kuna fito da ita yana ƙirgawa har goma, sannan ku buɗe kwanon ya ga guda ce tak.

Gizo da tsamin baki aka san shi, "sayki" a maimakon sarki, "yuwa" a maimakon ruwa, kuma muryar ce rabin daɗin labarin. Amma in akwai yaro mai tsamin baki ko i'ina a gidan, ku bar kwaikwayon, domin 'yan'uwansa kan laƙaba masa sunan Gizo, sunan kuma ya bi shi har makaranta. In da ƙanin da bai kai shekara 5 ba a wurin, ku tsaya a inda hankaki suka tashi. Nutsewa cikin ruwa da gidan kada kan hana wasu ƙanana barci.

Ranar Litinin kowane yaro zai ba da wani yanki na tatsuniyar a gaban aji da bakinsa, ba karantawa ba. Ku sa shi ya maimaita muku sau biyu kafin ranar, ya kuma zo da zanen wurin da ya fi so a takarda guda, da sunansa a baya.

Malaman aji biyu