Wasiƙar Godiya Zuwa Ga Malam Isa

Samaru, Zariya
14 ga Satumba, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kuna lafiya, ku da Hajiya da yara. Yaya ƙafar da ke damun ku? Allah Ya ƙara sauƙi.

Sakamako ya fito ranar Alhamis. Na gama digirina na aikin gona a Jami'ar Ahmadu Bello da daraja ta biyu ta sama, maki 3.86 cikin 5. Na kira Inna na faɗa mata, ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Daga nan na ɗauko lambarku, sai na kasa dannawa, don na san da na ji muryarku magana za ta maƙale min. Shi ya sa na zauna na rubuta, kamar yadda kuka koya mana a aji: abin da ke da nauyi a sa shi a takarda.

Gidauniyar da ta biya min kuɗin makaranta da na masauki na riga na rubuta musu tasu godiyar, kuma sun cancance ta. Amma su ba su san ni ba sai da kuka kai ni. Ina aji shida a sakandare a Gumel kuka kira ni ofishin malamai, kuka ajiye fom a gabana kuka ce in cike da fensir tukuna. Sau uku kuna mayar min da takardar da na rubuta dalilin neman tallafin. A ta farko na ce ina so in zama likita don in taimaki al'umma. Kuka dube ni ta saman tabarau kuka ce, “Auwalu, wannan kowa ma haka zai rubuta. Me ke ci maka tuwo a ƙwarya a gida?” Na ce wuta-wuta ce ta cinye gonar Baba shekara uku a jere. Kuka ce to shi zan rubuta. Ranar ganawa a Dutse kuma rigar ɗanku na saka, kuɗin mota ma daga aljihunku ya fito, ga shi wata ya yi nisa.

Karatun shekara biyar ne, amma ya ci min fiye da shida. Annobar korona ta rufe makarantu a Maris na 2020, ga yajin aikin malaman jami'o'i da ya kai har Disamba. Wannan na jure. Na 2022 ne ya kusa kayar da ni, wanda aka fara a Fabrairu ba a janye ba sai Oktoba. Kun san abin da ya faru, amma ban taɓa faɗa muku yadda abin yake a raina ba.

Lokacin na tafi Kano ina tuƙa a-daidaita-sahun wani ɗan garinmu. Kullum da yamma in kai masa balas, abin da ya rage nawa ne, har ina aika wa Inna na cefane. Karon farko ke nan a rayuwata da aka ci abinci a gidanmu da gumina. Malam, wallahi na yanke shawara ba zan koma ba. Na daina ɗaukar wayarku, ba don raini ba, don kunya. Sai ga ku ranar wata Asabar a bakin tasha a 'Yankaba, kun taso tun daga Gumel, kuka tsayar da ni kamar kowane fasinja kuka shiga baya. Na zaci faɗa za ku yi. Ba ku yi ba. Kuka ce in kai ku masallaci mu yi la'asar, bayan mun idar kuka tambaye ni nawa nake samu a rana, kuka lissafa da ni a bayan wani rasit, kuka yarda cewa kuɗi ne na gaske kuma sana'a ce ta halal. Sannan kuka ce, “Gonar Babanka fa? Wa zai je ya koyo mata magani?” Kuka biya kuɗin mota, na ƙi karɓa, kuka ajiye a kan kujera kuka sauka. Naira ɗari biyun nan tana cikin littafina har yau.

Da na koma, makina ya yi ƙasa har ya kusa taɓa 3.5 ɗin da gidauniya ta gindaya a matsayin sharaɗi. Duk ranar Lahadi bayan isha'i sai kun kira kun tambayi abin da na karanta a makon, kuma ba kwa karɓar “lafiya lau” a matsayin amsa. Saboda wannan kiran na san kowane lungu na ɗakin karatu na Kashim Ibrahim.

Bari in ba ku amsar tambayar da kuka yi min a 'Yankaba, don a kanta na yi aikin bincikena na shekarar ƙarshe. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ba ciyawa ce kamar sauran ba. Ƙwayarta ƙanana ce kamar ƙura, tushe ɗaya na zubar da dubun-dubatarsu, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar gero ko dawa ko masara ke fitarwa. Da sun tsiro sai su manne wa saiwar su yi ta tsotsar ruwa da abinci a ɓoye. Kafin manomi ya ga furen nan mai ruwan hoda a sama, an riga an yi ɓarnar. Shi ya sa Baba ke noma sau uku amma gero ya ƙi tashi, shi kuma yana ɗora laifin a kan ƙarfinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya yaudarar ta. Waken soya da gyaɗa su ma suna fitar da sinadarin da ke tayar da ƙwayar, amma ba ta iya kama saiwarsu, sai ta tsiro ta mutu da yunwa. In aka juya shuka haka, aka ƙara taki domin ta fi son ƙasar da ta gaji, aka kuma tuge duk wadda ta fito kafin ta yi 'ya'ya, tana raguwa shekara bayan shekara. Ba a damina ɗaya ake gamawa da ita ba, kuma na gaya wa Baba haka don kada ya ce na yi masa alkawarin ƙarya. Bara ya ba ni rabin gonar ta gabas muka zuba gyaɗa da takin gida. Bana gero muka mayar wurin. Wuta-wutar tana nan, amma ba kamar da ba, kuma jiya ƙanena ya ce zangarniya ta cika. Baba dai bai ce komai ba, sai dai ya ce a bar min ɗaya rabin ma baɗi. Kun san halinsa, wannan ita ce guɗarsa.

Yanzu ina jiran takardar kiran bautar ƙasa. Kafin nan ina da roƙo guda. Na ji an ce kuna da 'yan aji shida huɗu da kuke shirya wa neman tallafi bana. In kun amince, ku bar min gyaran takardunsu da koya musu lissafi da kimiyyar sinadarai duk Asabar har in tafi. Fom ɗin jarrabawar shiga jami'a na mutum ɗaya kuma ni zan saya, na ware kuɗin tun daga Kano.

Ba ni da abin da zan biya ku da shi. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya jiƙan mahaifanku, Ya raya muku zuri'a, Ya sa su sami mai tsaya musu yadda kuka tsaya min.

In Allah Ya yarda ranar Juma'a ina tafe bayan an sauko daga masallaci. Inna ta ce dami biyu na farko daga gonar gabas naku ne, kuma ta ce kada in dawo mata da su.

Ɗalibinku,
Auwalu