Bayani kan tambaya ta 14: dalilin da ya sa zaɓi na B bai tsaya ba

Assalamu alaikum, ƙannena. Na duba amsoshin da kuka turo na gwajin aikin ƙoda, kuma na ga mafi yawanku sun taru a kan zaɓi na B a tambaya ta 14, har da waɗanda suka ci sauran tambayoyin babu gargada. Tunda haka ne, na ga ya fi dacewa in rubuto bayanin a tsanake, domin irin wannan tambaya tana yawan dawowa a jarrabawa cikin wata kama.

Tambayar ta ce: idan aka matse jijiyar da ke fitar da jini daga gulomerulus matsewa matsakaiciya, me zai faru da GFR da RPF da FF? Gulomerulus shi ne matatar jini a cikin ƙoda, GFR yawan ruwan da ake tacewa a minti ɗaya, RPF yawan ruwan jini, wato filasma, da ke ratsa ƙoda a minti ɗaya, FF kuma rabon GFR a kan RPF. Zaɓi na B ya ce GFR zai ragu, RPF zai ragu, FF ba zai sauya ba. Zaɓi na C, wanda shi ne daidai, ya ce GFR zai ƙaru, RPF zai ragu, FF zai ƙaru.

Na fahimci abin da ya ja ku zuwa B, kuma rabin tunaninku yana kan hanya. Kun ce an matse jijiya, don haka jinin da ke ratsa ƙoda zai ragu, kuma wannan gaskiya ne, domin jijiyar shiga da jijiyar fita a jere suke a kan hanya ɗaya, kowace aka ƙuntata, turjiyar hanyar gaba ɗaya ta ƙaru, RPF kuma ya sauka. Inda aka zame shi ne mataki na biyu, da kuka ɗauka cewa duk lokacin da jini ya ragu dole tacewa ta ragu tare da shi. Abin da ke tura ruwa ya ratsa bangon gulomerulus shi ne matsin da ke cikin ƙananan jijiyoyinsa, kuma wannan matsi ya dogara ne ga wurin da aka yi matsewar, kafin matatar ko bayanta. Ku tuna manomin rani da ya datse magudanar ruwa a gaba da bakin gonarsa: ruwan da ke wucewa ya ragu, amma ya taru a bayan datsiyar, ya ƙara tsayi, wanda ke shiga gonar kuwa ya ƙaru. Da ya datse kafin ruwan ya iso gonar, da duka biyun sun ragu.

Mu koma ga alƙaluman da muka saba da su. Matsin jini a cikin gulomerulus kusan 60 mmHg ne, matsin ruwan da ke cikin kofin Bowman kusan 18, janyewar da furotin na jini ke yi kusan 32, saboda haka abin da ya rage yana tura tacewa 10 mmHg ne kacal.

```
60 - 18 - 32 = 10 mmHg
FF = GFR / RPF = 125 / 625 = 0.20
```

Ku lura da ƙanƙantar wannan 10, domin a nan ƙarfin bayanin yake. Idan matse jijiyar fita ya ɗaga 60 zuwa 65, sauran kuma ba su motsa sosai ba, to matsin tacewa ya tashi daga 10 zuwa kusan 15, wato ƙaramin sauyi a cikin jijiya ya zama babban sauyi a tacewa. Abin da B ya siffanta kuwa shi ne matse jijiyar shiga, inda matsin ke faɗuwa kafin jini ya kai matata, GFR da RPF su sauka tare, rabonsu ya tsaya kusan yadda yake. B amsa ce mai kyau ga wata tambayar dabam, kuma da gangan masu tsara jarrabawa suke ajiye ta a nan.

Akwai wadda a cikinku ta kawo hujjar da ta cancanci a tsaya a kanta, cewa ta karanta matsewa mai tsanani tana rage GFR. Haka ne. A yanayin lafiya ma, janyewar furotin tana tashi daga kusan 28 a farkon gulomerulus zuwa kusan 36 a ƙarshensa, saboda ana tace kashi ɗaya cikin biyar na filasma ana barin furotin a baya. Idan jini ya ragu ƙwarai, yana tafiya a hankali, furotin ɗin yana kauri da wuri, har janyewarsa ta rinjayi ƙarin matsin da aka samu, kuma ana ganin haka idan turjiyar jijiyar fita ta haura ninki uku. Sai dai tambayar ta ce matsakaiciya, kuma wannan kalma ba ado ba ce. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, ko a matsewa mai tsananin ma B bai tsira ba. A matsayin misali kawai, mu ce RPF ya faɗi zuwa 300, GFR ya sauka zuwa 100: FF ya zama 0.33, ya haura 0.20 nesa ba kusa ba. Tunda RPF ya fi GFR faɗuwa, rabon dole ya tashi, don haka cewar B wai FF ba zai sauya ba kuskure ne a kowane hali.

Hujjar daidaita kai da ƙoda ke yi ba ta shiga nan ba. Wannan tsari yana magana ne kan yadda ƙoda ke riƙe GFR idan matsin jinin jiki ya sauya tsakanin kusan 80 zuwa 180 mmHg, tambayar kuwa ta sauya turjiyar jijiya ɗaya ce ta ce a faɗi sakamakonta kai tsaye.

Dalilin da ya sa na nace shi ne, za ku sake haɗuwa da wannan a gaban gadon majinyaci. Anjiyotensin na biyu ya fi matse jijiyar fita a kan ta shiga, kuma da shi ne ƙoda ke kare tacewa idan jinin da ke isa gare ta ya yi ƙasa, kamar a zubar jini ko bushewar jiki bayan gudawa. Mutumin da manyan jijiyoyin ƙodojinsa biyu suka ƙuntace, tacewarsa a kan wannan matsewa ta rataya. Idan aka ba shi lisinofiril ko wani magani na danginsa, jijiyar fita ta saki, matsin gulomerulus ya faɗi, kiriyatinin ya tashi cikin kwanaki. Wanda ya riƙe B a ransa zai zaci sakin jijiyar zai ƙara tacewa, kuma ba zai gane abin da ya sa ake auna kiriyatinin da fotasiyam bayan fara irin wannan magani ba. Magungunan ciwo irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda ake saye a kemis babu takardar likita, ta ɗaya ɓangaren suke ɓarna, domin suna hana furostagilandin buɗe jijiyar shiga, shi ya sa haɗa su da lisinofiril da maganin sa fitsari a jikin tsoho yake da haɗari.

Kafin zamanmu na ranar Asabar bayan la'asar, ina so kowa ya zana gulomerulus da jijiyoyinsa biyu, ya rubuta abin da zai faru da GFR da RPF da FF idan aka buɗe jijiyar fita, sannan idan aka buɗe ta shiga, ya kuma duba ko zai gane su a cikin zaɓi na A da na D na wannan tambaya. Ku ƙara da bayanin abin da tashin FF ke yi wa tsotsar gishiri da ruwa a sashen farko na bututun ƙoda, domin daga nan za mu ɗora.

Allah ya ba da sa'a.

Yayanku na aji biyar