HAU 105: Gabatarwa ga Nazarin Sauti. Darasi na 3: Iyakar Ilimin Furuci da Ilimin Tsarin Sauti

Ku karanta wannan takarda kafin laccar ranar Talata, kuma ku furta kowane misali da ƙarfi. Wanda ya karanta a zuci ba zai ji abin da ake magana a kai ba.

Sauti ɗaya, tambaya biyu

Duk shekara sai na sami ɗalibai da suka rubuta cewa ilimin furuci yana da nasa sautuka, ilimin tsarin sauti kuma yana da nasa. Ba haka abin yake ba. Sautukan da suke dubawa ɗaya ne, tambayar da kowanne yake yi ce ta bambanta.

Ilimin furuci yana tambaya ne: yaya aka samar da wannan sauti? Wace gaɓar furuci ce ta motsa, ina ta taɓa, yaya iska ta fita, tantanin maƙwallato ya kaɗa ko bai kaɗa ba? Babu ruwansa da ma'ana, kuma babu ruwansa da ko wane harshe ne. Shi ya sa haruffan IPA, wato haruffan ƙasa da ƙasa na rubuta sautin magana, waɗanda aka fara fitarwa a 1888, suke aiki ga kowane harshe. Ilimin tsarin sauti kuwa sai ya shiga cikin harshe guda, ya ce: wane aiki wannan sauti yake yi a nan? Yana bambanta kalma da kalma? A wane muhalli yake zuwa? Masanin harshe ɗan Rasha Nikolai Trubetzkoy da abokan aikinsa na birnin Prague ne suka fi kowa tsayawa a kan wannan rabuwa tun wajen 1930.

Abin da baki ya furta ana sa shi cikin baka mai kusurwa, [ ]. Ƙwayar sauti, wato sautin da harshe ya ɗauka a matsayin mai bambanta ma'ana, ana sa ta tsakanin sanduna, / /. Musanya su kuskure ne, kuma yana cin maki.

Misali na 1: kafa da ƙafa

Mai nazarin furuci zai ce [k] bahanɗe ne, tsayau, maras ziza, da iskar huhu ake yin sa. [k'], wanda muke rubutawa ƙ, shi ma bahanɗe ne, amma tunkuɗau: maƙwallato ke rufewa ya yi sama ya tunkuɗo iskar. Aikinsa ya ƙare a nan.

Mai nazarin tsarin sauti sai ya jera [kafà:] da [k'afà:]. Wasulan iri ɗaya, tsawonsu ɗaya, karin sauti ɗaya, farkon kalma kaɗai ya sauya, ma'ana ta sauya. Wannan shi ne zubin kamantau, kuma shi ne hujjar cewa /k/ da /ƙ/ ƙwayoyin sauti biyu ne a Hausa. Haka daidai da ɗaiɗai suke tabbatar da /d/ da /ɗ/.

Misali na 2: n ɗin da ba n ba

Nan ne iyakar ta fi fitowa, don haka mu ɗan dakata. Ku furta nesa, hanta, bango, hankali, can. A nesa da hanta tsinin harshe yana taɓa hanƙa, a sami [n]. A bango da hankali tsinin harshe yana kwance abinsa, doron harshe ne ya ɗaga ya taɓa hanɗa, a sami [ŋ]. Ku tsaya a tsakiyar bango, kada ku kai ga g, za ku ji inda harshenku ya maƙale. A can ma, idan ta zo ƙarshen magana, [ŋ] ake ji.

A ma'aunin furuci, [n] da [ŋ] sautuka biyu ne, tazarar wurin furucinsu daidai take da ta [t] da [k]. Amma ku nemo kalmomin Hausa biyu da [n] da [ŋ] kaɗai suka raba. Ba za ku samu ba, domin kowanne da muhallinsa: [ŋ] tana zuwa kafin sautuka irin su k, g, ƙ da kuma ƙarshen kalma, ba ta taɓa buɗe kalma. Saboda haka takwarorin sauti ne na ƙwayar sauti guda, /n/. Za mu rubuta /bango:/ a tsarin sauti, [baŋgo:] a furuci.

To, ku dubi Ingilishi. Can [sɪn] zunubi ne, [sɪŋ] kuma rera waƙa. Sautukan nan biyu ba su canza ba, bayanin furucinsu na nan yadda yake, amma a wancan harshe ƙwayoyin sauti biyu ne. Ka ga ke nan na'urar awon sauti, komai ingancinta, ba za ta faɗa maka ƙwayar sauti nawa harshe yake da su ba. Sai ka duba kalmominsa.

Misali na 3: f

Wani ya ce [fa:tà:], wani [ɸa:tà:] da leɓɓa biyu, wani ma [pa:tà:], duk fata ake nufi. Furuci uku, ƙwayar sauti ɗaya, /f/. Dalilin ke nan da kalmomin aro masu [p] suka shigo da f, kamar fensir, fakiti, famfo.

Misali na 4: ganɗantawa

Mota, motoci. Ƙasa, ƙasashe. Gida, gidaje. Ɓarawo, ɓarayi. Sata, sace. Idan i ko e suka biyo baya, t takan koma c, s ta koma sh, d ta koma j, w ta koma y. Ilimin furuci yana da bayanin dalili: i da e wasulan gaba ne, gaban harshe yana ɗagawa wajen ganɗa, sai baƙin da ya gabace su ya nashe zuwa can. Da wannan dalili shi kaɗai ke hukunci, da babu mai iya cewa tebur, titi ko asibiti, alhali kullum muna faɗar su. Tantance inda dokar take aiki da inda ba ta yi, wannan na tsarin sauti ne. Kada kuma ku yi saurin cewa s da sh takwarori ne: sa, namijin saniya, da sha na ruwan sha, zubin kamantau ne, [sâ:] da [ʃâ:]. A ganina, a irin wannan wuri ba a jan layi a ce nan furuci ya tsaya. Fagagen biyu kowanne rabin amsa yake riƙe da shi.

Hattara da rubutu

Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, karin sauti, ko bambancin sautukan r biyu na Hausa, ra-kaɗe da ra-gare. Dafa ta girki da dafa ta ɗora hannu tsawon wasali ya raba su, [dafà:] da [da:fà:]. Wuya ta jiki da wuya ta wahala karin sauti ne, [wujà:] da [wùja:]. Bara mai yi wa wani hidima [baɽà:] ne, bara ta roƙo [barà:]. Kafin ku kira kalmomi biyu zubin kamantau, ku saurari waɗannan ukun.

Aikin gida (a kawo ranar Talata, shafi ɗaya)

1. Rubuta hankaka, tanti da nan a cikin / / da kuma [ ].
2. Kuka na hawaye da kuka ta bishiya: me ya raba su, kuma fage nawa ne yake da abin faɗa a kai?
3. Furta sun tafi, sun gudu, sun bari. Wane sauti ka ji a ƙarshen sun a kowanne? Rubuta dokar a jimla guda.
4. Masu magana da yawa suna furta mutum da [ŋ] a ƙarshe, amma jam'insa mutane ne, ga kuma malam da malamai. Wace ƙwayar sauti ce [ŋ] take wakilta a malam, kuma mece ce hujjarka? Wannan ta fi sauran wuya, da ita za mu buɗe lacca.