Tsarin duba imel a ofis, daga ranar Litinin

Assalamu alaikum, abokan aiki.

Daga Litinin mai zuwa, sau uku za mu riƙa buɗe imel a rana: ƙarfe 8:15 na safe, ƙarfe 11:30, sai kuma bayan sallar La'asar. A tsakanin waɗannan lokuta a rufe shafin Gmail gaba ɗaya, ba a bar shi buɗe a gefe ana satar kallonsa ba. Dalilin kowa ya san shi. Mutum zai shigo ƙarfe 8, ya ce bari ya ɗan leƙa, kafin ya ɗago kai hantsi ya dubi ludayi, ba a haɗa lissafin buhunan riɗi ba, ba a rubuta takardar kuɗi ko ɗaya ba, ga direba yana jiran takardu a Dawanau.

Dubawar safe minti 15 ce, kuma ba ta kowa da kowa ba ce. Masu sayen kayanmu na Asiya kaɗai muke nema, saboda agogonsu ya riga namu. Caina tana gabanmu da awa 7, Indiya da awa 4 da rabi. Lokacin da muke zama a kujera, su a Caina an wuce ƙarfe 3 na yamma. In ka bar tambayar farashi har 11:30, sun tashi daga aiki, amsarka sai gobe. Masu sayen zoɓo na Meziko kuwa suna bayanmu da awa 7, barci ma suke yi a lokacin, don haka saƙonsu ba ya cikin na safe komai jan rubutun da ke kansa.

Don kada ido ya faɗa kan sauran saƙonni, kowa ya haɗa matatar saƙonni yau kafin ya tashi. A akwatin bincike na Gmail a danna Show search options, a sa adireshin mai saye a From, a danna Create filter, a zaɓi Apply the label, a raɗa wa lakabin suna asiya, a sake danna Create filter. Da safe wannan kawai za a rubuta a akwatin binciken:

```
is:unread label:asiya
```

Abin da ya fito a amsa, a rufe. Daga nan har 11:30 lokacin aikin da ke buƙatar nutsuwa ne: lissafi, takardun fitar da kaya, kiran dillalai.

Zaman 11:30 shi ne babba, rabin awa zuwa minti 40. A fara daga saƙon da ya fi daɗewa, kuma duk wanda aka buɗe a yanke masa hukunci nan take. Wanda amsarsa ba ta wuce layi biyu ko uku ba, a amsa. Wanda ba naka ba ne, ka tura wa mai shi da ɗan bayani. Wanda ke buƙatar zama, a rubuta aikin a littafin ayyuka, a danna Snooze ya dawo ranar da za a yi shi. Saura duk Archive. Na san wasunmu suna tsoron wannan maɓalli, suna ganin kamar gogewa yake yi. Ba ya gogewa; saƙon yana nan a All Mail, bincike zai fito da shi. Wanda aka jefa Trash ne yake ɓacewa bayan kwana 30. Abin da ba na so shi ne a karanta saƙo, a mayar da shi kamar ba a karanta ba, gobe a sake karantawa, jibi ma haka.

Tallace-tallace da wasiƙun da ba wanda ya tuna ranar da ya yi rajistarsu, a danna musu Unsubscribe, su ma su huta.

Bayan La'asar minti 20 sun isa: na Meziko, na banki, da abin da wakilinmu na tashar jiragen ruwa a Legas ya aiko. Ranar Juma'a zaman tsakiya zai koma ƙarfe 11 saboda masallaci.

Ƙararrawar imel a waya da kwamfuta, a kashe ta. In abu na gaggawa ne, kamar an tsare mota a hanya ko takardar kwastam ta samu matsala, kira za a yi, kuma na riga na sanar da wakilin da direbobi haka. Mai jiran amsa ta musamman, misali tabbacin shigowar kuɗi, yana iya buɗewa ya nemi sunan mutumin kawai, ya rufe.

Za mu gwada tsarin mako biyu. Wanda lokutan suka ci karo da aikinsa ya same ni kafin Alhamis mu gyara.

Na gode,
Manajan ofis