Neman izinin ganawa ta minti ashirin a kan harkar jirgin ƙasa

Unguwar Kusugu, Daura
Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba Alhaji, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya sanyi, ya ƙoƙari? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sunana Kabiru. Ba ka san ni ba, amma ka san wanda zai miƙo maka wannan takarda, kawuna Malam Idi, wanda kuke haɗuwa a sahu kusan kullum da asuba. Shi ya ba ni labarin cewa ka yi aikin reluwe tun kana saurayi har ka yi ritaya, ka zauna Zariya, ka zauna Kano, kuma ɓangaren zirga-zirga da dakon kaya ka riƙe har ka kai matsayin babban jami'i. Shi ne kuma ya ce in rubuto tukuna maimakon in faɗo maka gida babu sanarwa.

Abin da nake roƙo shi ne ka ba ni minti ashirin in zo in zauna gabanka in yi 'yan tambayoyi a kan aikin jirgin ƙasa. Ba aiki nake nema ba, ba kuma takarda nake so ka rubuta wa wani saboda ni ba. Na faɗi haka tun da wuri domin na san mutum irinka, da ya ga saurayi da ambulan a hannu, abin da zai fara zuwa masa a rai ke nan. Ina da sana'ata, alhamdu lillahi, tana ciyar da ni da iyalina. Ilimin abin nake so daga bakin wanda ya yi shi da hannunsa.

Ga taƙaitaccen bayanina. Na karanta aikin akanta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, na fito da babbar difloma. Tun bayan hidimar ƙasa nake aiki da wani ɗan kasuwar hatsi a nan Daura. Ni ke riƙe littafin sito, ni ke shirya lodi, ni ke magana da direbobi da 'yan kamasho. Ranar Lahadi ina Mai'adua, wani lokaci ina Dawanau, kuma nakan bi kaya har Kwangwalam idan akwai takardun kwastan da za a daidaita. Gero, dawa, wake da riɗi su ne yawancin abin da ke ratsa hannuna. Idan aka ce min tirela ta tan talatin za ta tashi daga nan zuwa kudu, zan iya faɗin abin da za ta ci na gas, da kuɗin 'yan dako, da abin da za a bari a shingayen hanya, da kwanakin da za ta yi in ba ta lalace ba. Wannan na sani. Amma ko tarago nawa kan jirgi ɗaya ke ja, wa ke ba shi izinin tashi, yaya ake yanke kuɗin dako, duk ban taɓa gani da idona ba. Iyakata da jirgi ita ce kujerar fasinja tsakanin Rigasa da Abuja.

Abin da ya tayar min da wannan tunani ba ɓoyayye ba ne ga kowa a garin nan. Tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, wanda zai ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, hirar majalisa ba ta wuce abu biyu: diyyar gonaki, da ranar da za a hau jirgi a je Kano. A nawa ganin, ranka ya daɗe, fasinja ba shi ne babban labarin ba. Layin da aka ja har cikin Nijar, ƙasar da ba ta da gaɓar teku, don kaya aka ja shi. Idan kuwa kaya suka koma kan dogo, ko da rabinsu ne, to sana'ar da nake ci da ita yau za ta canza kama, ko na shirya ko ban shirya ba. Na riga na ga yadda abu ɗaya daga sama ke juya kasuwarmu: rufe boda na Agustan 2019 da ya kai har Disambar 2020, sannan wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023. Waɗancan sun zo mana ba zato. Wannan kuwa muna kallon ana zuba ƙasa ana gina gadoji, babu wanda zai ce bai gani ba.

Don kada in ɓata maka lokaci da abin da ke rubuce, na ɗan yi karatu gwargwadon hali. Na san jirgi ya iso Kano tun 1911, kuma shi ya ɗaga kasuwar gyaɗa. Na san reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, da wanda ya tafi Nguru. Na karanta cewa an kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955, kuma tsohon layi faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon kuwa, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne. Na kuma ga cewa gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, ba gwamnatin tarayya kaɗai ba. Duk wannan karatun jarida ne. Bai nuna min yadda ranar aiki take a tasha ba.

Tambayata ta farko, wadda ta fi damuna, a kan tafiyar kaya ce daga hannun mai su zuwa hannun mai karɓa. A mota, in ɗan kasuwa yana da buhu ɗari uku, ya kira direba, a yi ciniki, a loda a ƙofar sito, a sauke a ƙofar sito. A jirgi fa? Wa ake zuwa wurinsa a nemi tarago? Mai buhu hamsin yana da wuri, ko sai wanda zai cika tarago shi kaɗai? Idan akwai masu tara kayan ƙananan 'yan kasuwa su haɗa su zama lodi guda, ma'aikatan hukuma ne ko 'yan kasuwa ne masu zaman kansu, kuma a zamaninku yaya suke samun amincewar tasha? Idan buhu ya jiƙe ko ya yi ƙafa a hanya, wa ke biya, kuma wace takarda ce hujja? Ina tambaya ne domin a nan nake zaton mutum irina zai iya samun wurin tsayawa, tsakanin sito da tasha. Amma zato ne kawai, kuma na fi so wanda ya sani ya rushe min shi yanzu da in gina a kansa.

Akwai wani abin da ke ɗaure min kai a cikin wannan. Tun da faɗin tsohon layi da sabo ba ɗaya ba ne, taragon da ya taso daga Maraɗi ba zai hau tsohon dogon da ya tafi Legas ba. Ke nan sai an sauke an sake lodi a wani wuri, ko kuwa a jira sabon layi ya haɗe har teku. A aikinmu, duk inda aka sauke kaya aka sake ɗorawa, nan riba ke zubewa: kuɗin dako sau biyu, buhu ya fashe, kwana ya ƙaru. Ina so in ji ko haka abin yake a jirgi, da kuma rawar da tashoshin tsandauri irin na Dala a Kano da na Funtuwa za su taka, musamman ga kayan kwantena.

Ta biyu a kan karatu ce, kuma ita ce mai cin kuɗi. Na ɗan tara wani abu, ina tunanin in nemi difloma ta gaba da digiri a fannin sufuri a Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya. Ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a nan ƙofar gidanmu, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, sai dai ni ba injiniya ba ne, kuma shekaruna sun wuce na komawa aji ɗaya. Kai da ka ga ana ɗaukar ma'aikata kuma ka horar da su, takarda ce ke buɗe ƙofa a ɓangaren kaya, ko sanin kasuwa da 'yan kasuwa? In ka ce in riƙe kuɗina in ci gaba da koyo a inda nake, zan karɓa da hannu biyu.

Ta ƙarshe gajeriya ce, in lokaci ya rage. Me ya kori 'yan kasuwa daga jirgi suka koma mota a wancan lokaci? Dattawan kasuwa kowa da abin da yake faɗi, wani ya ce jinkiri, wani ya ce rashin tarago, wani ya ce tituna ne suka yi kyau. Duk daga waje suke kallo. Ina so in ji daga wanda yake ciki, domin abin da ya kore su jiya shi zai iya hana su dawowa gobe.

Game da lokaci, duk yadda ya fi maka sauƙi. Ina samun sarari bayan la'asar daga Talata zuwa Alhamis, da kuma Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Lahadi ce kawai ba na gari. Zan so a ce mun haɗu kafin azumi ya kama, amma wannan son raina ne, ba sharaɗi ba. Zan iya zuwa zaure, ko in same ka a ƙofar masallaci, ko in kira a waya idan zama zai takura maka. Zan zo ni kaɗai da littafi da biro, ba zan naɗi murya ba sai da izininka, kuma abin da ka ce ya tsaya tsakaninmu zai tsaya. Agogo na hannuna: minti ashirin na cika zan nemi izinin tashi, sai fa in kai ka ce in zauna.

Idan kuma lafiya ko hidima ba su bari ba, wallahi babu komai, ba zan ji wani abu ba, kawu ma haka. In akwai wani cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinka da kake ganin zai fi dacewa da waɗannan tambayoyi, ambaton sunansa ma ya ishe ni. Amsa kuwa ba sai ka wahalar da kanka da rubutu ba, ka faɗa wa kawu rana da lokaci, zai isar min.

Na gode da haƙurin karanta wannan doguwar takarda. A gaida Hajiya da sauran mutanen gida. Allah ya saka da alheri, ya sa a gama lafiya.

Wassalam.

Ɗanka,
Kabiru