Roƙon Gyaran Suna a Takardar Shaidar Karatu

Unguwar Birni, Damagaram
18 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Malam Darakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka ban gajiya da ɗawainiyar yaranmu.

Ni ne mahaifin Habsatou Moutari, ɗaliba a ajin ƙarshe na kwalejinku. A takardar shaidar karatun da aka ba ta makon jiya an rubuta sunanta Hassatou Moctar. Sunan da ke takardar haihuwarta, wadda ma'aikatar magajin gari ta bayar, shi ne HABSATOU MOUTARI, kuma da shi aka yi mata rajista tun shigarta lakwal.

Malam, abin ya dame ni ƙwarai, domin bana za ta zauna jarrabawar BEPC. In takardunta suka tafi da suna biyu, ina tsoron sakamakon ya fito da sunan da ba nata ba. Ka fi ni sanin wahalar gyara irin wannan bayan takardu sun bar hannun makaranta, ga kuma shiga lise da katin ɗan ƙasa suna jiranta a gaba.

Don Allah a taimaka a sake mata wata takardar da sunan daidai, a kuma duba rajistar aji da jerin masu jarrabawa, ko kuskuren ya kai can. Na haɗo kwafin takardar haihuwar da ita takardar mai kuskure. In ana bukatar ganin ta asali, zan kawo da kaina.

Allah ya saka da alheri.

Naka,
Moutari Issoufou