Ɗari Da Saba'in Bisa Ɗari Da Goma

A gidan Alhaji Sani da ke Agege magana ɗaya ce. Dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, kuma yadda yake yanke kuɗin buhu haka yake yanke hukunci. Ranar da Hafsat ta durƙusa ta ce likitanci take son karanta, ko kai bai ɗaga ba.

"WAEC ta isa. Bayan babbar sallah za a kawo kuɗin gaisuwa."

"Abba, da ka..."

"Na gama."

Sati uku bayan haka, Umma, da cikinta wata takwas, ta tashi tsakar dare da ciwon kai. Fuska ta kumbura, gani dishi-dishi. Alhaji ya ce a ba ta farasitamol zuwa safe. Hafsat ta ɗauko na'urar awon da take gwada masa hawan jininsa kullum da asuba. Ta zaunar da Umma, ta tallafe hannun daidai ƙirji, ta ɗaura. 170 bisa 110. Ta bari aka ɗan jima ta sake. Bai sauka ba.

"Abba, hawan jinin masu ciki ne. Daga 140 bisa 90 ake fara tsoro. In muka jira safe, jijjiga za ta iya kama ta, mu rasa su biyu."

Ya buɗe baki zai yi tsawa, sai ya ga hannunta ko rawa ba ya yi. Ya ɗauki makullin mota.

A asibiti aka gwada fitsari, aka yi wa Umma allurar hana jijjiga, aka sa maganin sauke jini. Washegari aka yi aiki, aka ciro yaro da rai. Likitar da ta fito, mace ce, ta tambaya wa ya yi awon a gida. Alhaji ya nuna 'yarsa da haɓa.

Kan benci ya gyara zama. "Mamana, karatun nan shekara nawa ne?"

"Shida. Sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa."

"Ta ina ake farawa?"

Ta lissafa masa da yatsu. JAMB, darasi huɗu: Ingilishi, fiziks, kimistiri, bayoloji, maki 400 gaba ɗaya. Kiredit biyar a zama ɗaya, har da lissafi, kuma tana da su. In Jami'ar Legas ta ɗauke ta, shekarar farko a Akoka, sauran a Idi-Araba. Matsala guda ce: a NIN an rubuta mata Hafsatu, a takardar WAEC kuwa Hafsat, kuma sunan NIN JAMB take ɗauka. In ba a gyara ba, wurin tantancewa za a tsayar da ita.

Bai katse ta ba ko sau ɗaya. Ya jima yana juya carbi.

"Gobe yaro ya tsare rumfa. Ƙarfe nawa ofishin gyaran sunan yake buɗewa?"